Tashar awon zafi, bugun jini, numfashi da bifi a OSCE: matakai sun cika, lambobi ba su yi daidai ba

Malama Hadiza:
Assalamu alaikum malamai. Muna shirya wa 'yan aji biyu gwajin OSCE na cikin gida, wato gwajin aiki a aikace da ɗalibi ke bi tasha-tasha ana ba shi maki, kuma ni aka ba tashar awo huɗun nan: zafin jiki, bugun jini, numfashi da bifi, a kuma rubuta a kati. Abin da ke damuna shi ne takardar makin da muke da ita. Tana ba da maki a kan wanke hannu, gaisuwa, neman izini, ɗaura ɗamarar awon bifi, har da gode wa majiyyaci, amma babu inda ta tambayi ko lambar da ɗalibi ya rubuta gaskiya ce. Ɗaliba za ta iya cin maki 18 cikin 20 alhali bifin da ta rubuta ƙirƙirarsa ta yi. Yaya za a horar da su, kuma yaya za a tsara tashar ta kama wannan?

Nura:
Wa alaikumus salam Malama. Idan OSCE ɗin Ingila ne na masu neman rajista a can, ai katin NEWS2 suke amfani da shi, wanda ke ba kowane awo maki a tara don a gane tsananin halin majiyyaci. A haddace makin kowane layi kawai, shi ne ke kayar da mutane.

Malama Hadiza:
A'a Malam Nura, ɗalibanmu na nan gida ne, masu shirin jarrabawar Majalisar Nas da Ungozoma ta Najeriya. Katin gado na asibitinmu za su cika. Kuma haddace maki ba zai taimaki wanda awonsa ya karkace tun daga tushe ba.

Malam Garba:
Malama, ki fara da bifi, don a nan ne aka fi yin ƙarya ba tare da an yi niyya ba. Matakin da ɗalibai suka fi tsallakewa shi ne kintatar lambar saman bifi da yatsa kafin a sa abin saurare a kunne. Suna ganin ɓata lokaci ne. Ga yadda ya kamata: yatsu biyu ko uku a kan jijiyar wuyan hannu, a hura ɗamara har bugun ya ɓace, a lura da lambar, a saki iskar gaba ɗaya. A ɗan dakata, sannan a ɗora abin saurare a kan jijiyar lanƙwasar gwiwar hannu, a hura zuwa 20 ko 30 mmHg sama da inda bugun ya ɓace.

Dalilin kuwa, a wasu mutane, musamman tsofaffi masu hawan jini, sautin yakan fara, ya ɗauke na ɗan lokaci, sannan ya dawo. Mu ɗauki dattijo mai bifi 168/94. Sautinsa ya fara a 168, ya yi shiru daga 150 zuwa 128, ya dawo, ya ƙare a 94. Ɗalibin da bai kintata ba zai hura zuwa 140 don a nan ya saba tsayawa. Ya faɗa tsakiyar shirun ke nan. Ba zai ji komai ba sai a 128, ya rubuta 128/94, hankalinsa kwance. Ya zubar da 40 mmHg, kuma mutumin da ya kamata a duba maganinsa zai koma gida a ce masa lambar samansa lafiya lau. Da ya fara da yatsa, da ya ji bugun bai ɓace ba sai wajen 165, da ya hura zuwa 190.

A ba ɗalibai wannan misalin da lambobinsa a allo. Wanda ya gane dalilin mataki ba ya manta shi idan ƙararrawar gwaji ta rikita shi.

Sista Ladi:
Ni a ganina akwai hanya mafi sauƙi. A koya musu su hura zuwa 200 ga kowa da kowa, ba za su taɓa faɗawa cikin shirun ba, kuma an rage lokaci.

Malam Garba:
Sista, kin toshe ƙofa ɗaya amma kin buɗe biyu. Yarinya mai bifi 100/60 ki matse mata hannu zuwa 200, ciwo za ta ji, ta ɗaure jiki, lambar ta hau. Na biyu, daga 200 zuwa 60 tazarar 140 ce. Idan za a sauka a hankali yadda ake so, ya kai kusan minti ɗaya ko ya ɗara, ɗalibi ba zai jure ba, sai ya saki bawul da gudu. Sannan akwai masu bifi sama da 200, su ma ba ki tsira da su ba.

Sista Ladi:
Na ji batun ciwon. Amma a wodi mai gado talatin da nas biyu, wa ke yin awo biyu ga kowane mutum? Muna koya musu abin da za su watsar ran da suka fara aiki.

Matiron Asabe:
Kintatar da yatsa ba ta wuce daƙiƙa 20 ga wanda hannunsa ya saba, Ladi. Kuma mu malamai ba mu da hurumin koyar da gajeriyar hanya kafin su iya doguwar.

Ina so in tsaya a kan saurin sakin iska, don shi ne ake iya gani daga kujerar mai ba da maki. Ƙa'ida ita ce 2 zuwa 3 mmHg a kowace daƙiƙa. Ku lissafa: mutum mai bugun jini 60 yana ba ka sauti ɗaya ne a daƙiƙa. Idan allura na sauka 10 mmHg a daƙiƙa, tsakanin sauti da sauti ta riga ta wuce 10, don haka kuskurenka na iya kaiwa 10. Kuma kuskuren gefe guda yake tafiya: lambar sama ta fito ƙasa da gaskiya don ka makara da jin sautin farko, ta ƙasa kuma ta fito sama da gaskiya. Shi ya sa idan na ga ɗalibi kullum lambobinsa biyu sun matso kusa da juna, hannunsa na bawul nake fara kallo.

Atisayen da ke gyara wannan ba ya buƙatar majiyyaci. A naɗa ɗamara a jikin gorar ruwa ta roba, a hura zuwa 180, a ce ɗalibi ya sauke ta zuwa 80 ana riƙe da agogo. Tazarar 100 ce, ya kamata ta ci daƙiƙa 35 zuwa 50. Wanda ya gama a daƙiƙa 12 ya sake. Babban yatsa da manuni su ne ke murɗa bawul, kuma murɗin ɗan kaɗan ne ƙwarai. Sai sun yi ta maimaitawa har allura ta riƙa sauka sumul ba tsalle, sannan a ba su hannun mutum.

Malama Hadiza:
Ranki ya daɗe, wannan atisayen zan sa shi a makon farko. To batun tabbatar da lambar fa? Mai ba da maki ba ya jin abin da ɗalibi ke ji.

Matiron Asabe:
Akwai abin saurare na koyarwa, mai kai ɗaya da kunnuwa biyu-biyu. Malami da ɗalibi su saurara tare, suna kallon allura ɗaya, kowa ya rubuta nasa a ɓoye, sannan a gwama. Shawarata, wanda ya zo cikin tazarar 4 mmHg sama da ƙasa a ba shi cikakken maki, wanda ya kauce fiye da 10 kada a ba shi komai a wannan layin. Kada ki dogara da awon da aka yi wa mai wasan majiyyaci da safe. Mutumin da aka matse wa hannu sau goma sha biyar a jere, bifinsa na ƙarfe takwas ba shi ne na sha ɗaya ba. Ki tanadi mutum biyu ko uku suna karɓeɓeniya.

Dakta Bello:
Ku haɗa da ɗamarar kanta. Jakar iska da ke ciki ya kamata faɗinta ya kai kusan kashi 40 cikin ɗari na kewayen damtse, tsawonta kuma kusan kashi 80. Ƙaramar ɗamara a babban damtse tana ɗaga lamba, babba a siririn hannu tana rage ta. Idan kuka ajiye ɗamara ɗaya tak a kan tire, ba ku gwada komai ba. Ku ajiye uku, ta yara, ta manya da babba, ku ga wacce zai ɗauka, ku ga ko zai duba layin da ke jikinta ya tabbata ya faɗa cikin iyaka.

Gefen ƙasa na ɗamara ya tsaya santimita 2 zuwa 3 sama da lanƙwasar gwiwar hannu, alamar jijiya ta zauna a kan jijiyar. Idan ta sauko ta rufe wurin, ɗalibi zai cusa kan abin saurare a ƙarƙashinta, sai ƙarar yadi ta cika masa kunne. Hannun riga kuma, idan naɗe shi sama ya matse damtse, gara a zare hannun daga rigar a rufe mutum da zane. Hannun ya kwanta a kan tebur ko matashi daidai tsayin zuciya. Idan yana reto a gefen kujera lambar hawa take yi, idan kuma mutum ne ke riƙe da hannunsa a sama da ƙarfinsa, nan ma hawa take. Baya a jingine, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, kuma ba hira.

Kafin komai ɗalibi ya kalli allura: tana kan sifili kuwa? Wannan kallon daƙiƙa ɗaya ne, amma ku ba shi makinsa.

Ungozoma Rakiya:
Ga masu juna biyu fa? Mu an koya mana a ɗauki lambar ƙasa a inda sauti ya dushe, ba inda ya ɓace ba.

Dakta Bello:
Koyarwar da ce, Hajiya. Yanzu inda sautin ya ɓace gaba ɗaya ake ɗauka, mai ciki da marar ciki, wato mataki na biyar na sautukan Korotkoff. Sai dai a wasu masu cikin za ki yi ta jin sauti har allura ta kusa sifili. A nan ne kawai ake komawa ga inda ya dushe, kuma a rubuta a kati cewa haka aka yi.

Malam Garba:
Bari in kawo numfashi, don shi ne awon da aka fi ƙirƙira a asibiti. Ku ɗauki katin gado ku duba layin numfashi: 20, 20, 18, 20, 20. Jikin mutum ba ya tafiya haka. Alhali sau da yawa numfashi ne ke fara canjawa idan majiyyaci zai rikice, tun bifi bai motsa ba.

A tashar, minti ɗaya cikakke. Shaƙa da fitarwa tare su ne ɗaya. Ɗalibi ya gama ƙirga bugun jini, ya riƙe lambar a ka, kada ya ɗaga yatsunsa daga wuyan hannu, ya ci gaba da kallon agogo kamar bugun yake ƙirgawa, idonsa na kan tashin ƙirji. Da zarar mutum ya san ana ƙirga masa numfashi, ya canja shi.

Sista Ladi:
Wannan bai ci karo da neman izini ba? Takardar maki ta ce a bayyana wa majiyyaci kowane mataki. Kuma mai ba da maki ta yaya zai san ɗalibi ya koma numfashi idan bai faɗa ba?

Malam Garba:
Izinin a farko ake nemansa gaba ɗaya: "Baba, zan auna zafin jikinka, bugun jini, numfashi da bifi, ka amince?" An faɗa masa, lokacin kawai ba a sanar ba. Mai ba da maki kuma yana da ido da agogo. Zai ga minti na biyu ya shiga, ya ƙirga nasa daga inda yake zaune. Bayan an gama ɗalibi ya faɗi lambobin biyu. Tazarar 2 a numfashi, 4 a bugun jini, ni zan karɓa.

Ungozoma Rakiya:
Akwai abin da littafi bai faɗa ba. Mace cikin babban hijabi ba za ka ga tashin ƙirjinta ba, kuma ɗalibi namiji ba zai ƙura mata ido a ƙirji minti guda ba, kunya za ta sa ya ƙirga goma ya cike sauran da ka. A koya musu su kwantar da hannunta da suke riƙe da shi a kan saman cikinta, yatsunsu na wuyan hannun. Hannun zai riƙa tashi yana sauka, su ji a yatsunsu ba sai sun kalla ba. Ko su kalli kafaɗa. Ku sa mace mai hijabi cikin masu wasan majiyyaci, in ba haka ba ranar farko a wodin mata za su fara gamuwa da matsalar.

Malama Hadiza:
Na gode Hajiya. Saura lokaci. Tashoshinmu minti 5 ne. Na lissafa: gaisuwa, tabbatar da suna da wanke hannu daƙiƙa 45, bugun jini minti 1, numfashi minti 1, bifi da kintatarsa kusan minti 2, rubutu daƙiƙa 45. Minti biyar da rabi ke nan, ban sa zafi ba.

Sista Ladi:
Tamomita ta shiga hammata tun farko, tana aikinta ana ƙirga bugun jini a ɗaya hannun. Bugun kuma a yi daƙiƙa 15 a ninka huɗu.

Matiron Asabe:
Na yarda da rabin farko, da sharaɗin hammata a bushe take, kan tamomitar na tsakiyarta yana taɓa fata, hannu a manne da jiki, kuma a jira ta yi ƙara. Idan mai zaiba ce ta gilashi, a karkaɗe ta ta sauka ƙasa da 35 tukuna, kuma tana buƙatar mintuna, ba ta dace da gajeriyar tasha ba.

Daƙiƙa 15 kuwa ban yarda ba. Bugu ɗaya ya kuɓuce maka, kuskuren ya zama huɗu. Sannan bugun da ke tsallake sau ɗaya a kowace daƙiƙa 20 zai iya wuce ka ba ka ji ba. Daƙiƙa 30 a ninka biyu ana karɓa idan bugun a daidaice yake, amma awon farko ga mutumin da ba ka sani ba minti ɗaya ne. Kuma lamba kaɗai ba ta isa ba, ya faɗi ko a daidaice yake, ko mai ƙarfi ne ko siriri. Babban yatsa kada ya kusanci jijiyar, yana da bugunsa.

Hadiza, lissafinki ya nuna tashar ce ta yi kaɗan. Ko a raba ta biyu, bifi da rubutunsa a ɗaya, sauran ukun a ɗaya, ko a ba ta minti 8. Idan kika cusa awo huɗu cikin minti 5, ke da kanki kin koya musu saki bawul da gudu.

Malam Garba:
Ranki ya daɗe, a nan na ɗan saɓa. Idan a babbar jarrabawa aka ba su ɗan lokaci, wanda ya saba da minti 8 zai ruɗe. Ni zan fara da 8 a makonnin farko, in riƙa ragewa.

Matiron Asabe:
Ka rage a gaisuwa da shirya kaya, Garba, can ne suke ɓata lokaci suna neman auduga. Minti biyun ƙirga da saurin allura ba sa raguwa.

Nura:
Tunda na kauce a farko, bari in kawo abin da zai yi amfani a rubutu. Ko ba ku amfani da NEWS2, ya dace a nuna wa ɗalibai abin da cike lamba ke jawowa. Majiyyaci babba, yana cikin hayyacinsa, ba a sa masa iskar oksijin ba: zafi 38.6, bugun jini 112, numfashi 24, bifi 98/62, oksijin na jini 94. A wancan katin zafi maki 1, bugu 2, numfashi 2, bifi 2, oksijin 1, jimla 8, kuma daga 7 zuwa sama kiran gaggawa ne. Yanzu ɗalibi ya rubuta bugu 110, numfashi 20 don bai ƙirga ba, bifi 100/60. Bugu ya koma 1, numfashi ya koma sifili, jimla 5. Mutum ɗaya, gado ɗaya, amma a takarda ya sauka daga matakin gaggawa.

Dakta Bello:
Misali mai kyau. Kuma ko babu wannan kati, ɗalibi ya lura bugun jini 112 ya haura lambar saman bifi 98. Ga mai zazzaɓi da saurin numfashi, wannan ba abin rubutawa a wuce ba ne. Ku sa layi a takardar maki: ya gane awon ya fita daga iyaka, ya ce zai sanar da nas mai kula da wodi nan take. Ga babba, bugu 60 zuwa 100, numfashi 12 zuwa 20. Idan kun sa yaro, iyakar ta canja: daga wata 2 zuwa 11 numfashi 50 ko fiye shi ne sauri, daga shekara 1 zuwa 5 kuma 40.

Matiron Asabe:
A rubutun, bifin da aka auna da ma'auni mai allura lamba mai cika biyu-biyu ake rubutawa, don zanen ma'aunin biyu-biyu ne: 98/62, 134/86. Wanda ya kawo 127/83 daga ma'auni mai allura, ka tambaye shi inda ya gani. Hanya mai sauƙi ta gano masu cikewa: ki karɓi littafin atisayen kowane ɗalibi mai awo 20, ki ƙirga nawa ne suka ƙare da sifili. Tunda ƙarshen lamba biyar ne kawai, 0, 2, 4, 6, 8, kusan ɗaya cikin biyar ya kamata. Idan 15 cikin 20 sifili ne, ba ya karanta allura.

Sauran: kwanan wata, lokacin da aka yi awon ba lokacin da aka zauna rubutu ba, wurin da aka auna zafi don na hammata yakan gaza na baki da kusan rabin digiri, hannun da aka ɗaura ɗamara, sa hannu. Ɗigo ya faɗa daidai layin lokacinsa. An yi kuskure, layi ɗaya a kai yadda za a iya karanta na ƙasa, a rubuta daidai a gefe, a sa hannu. Ba gogewa, ba shafa farin ruwa. Launin biro kuma asibiti da asibiti sun bambanta, a bi na katin da aka ajiye a tashar.

Sista Ladi:
To wanda bai ji sautin ba sam fa? Shi ne ke rubuta 120/80 ya miƙe.

Malam Garba:
A koya masa abin da zai yi, kuma a ba shi maki idan ya yi. Ya saki iska duka, kada ya sake hurawa daga tsakiya, don jini na taruwa a hannun sautin ya ƙara dushewa. Ya duba kunnuwan abin sauraren suna fuskantar gaba wajen hanci, ya ƙwanƙwasa kan a hankali ya ji ko gefen da yake amfani da shi ne a buɗe, ya laluba jijiyar da yatsa ya ɗora daidai kanta ba tare da dannawa da ƙarfi ba. Ya jira minti ɗaya ya sake. Idan lokaci ya ƙare, ya ce bai samu ba, ya faɗi lambar saman da ya kintata da yatsa, ya rubuta cewa da yatsa ce. A takardata wannan ya fi mai 120/80 na ƙarya maki.

Ungozoma Rakiya:
Ni zan ma kayar da mai ƙirƙirar a tashar gaba ɗaya, kome ya ci a sauran layuka.

Dakta Bello:
Yaya za ki bambance wanda ya ƙirƙira da wanda ya ji ba daidai ba, Hajiya? A takarda kamarsu ɗaya. Ni dai a hana shi makin layin, a kira shi bayan gwaji a sake saurare tare.

Malama Hadiza:
Zan kai wa kwamiti shawarar raba tashar biyu, da ƙarin layukan daidaiton lamba. Batun kayarwa gaba ɗaya sai sun zauna a kai. Matiron, abin saurare mai kunnuwa biyu-biyu ɗaya ne kacal a ɗakin gwajinmu, ɗalibai kuma 60. Akwai wata hanyar tabbatar da bifin, ko dole layi ɗaya za mu yi?

Matiron Asabe:
Malami na iya riƙe jijiyar wuyan hannu yana kallon allura, zai san inda bugun ya dawo, wannan ya ba shi kusan lambar sama, ko da yake takan ɗan gaza ta kunne. Lambar ƙasa kam sai da kunne. Ki nemi aron na biyu daga sashen ungozoma kafin ranar.